Zane ya ɗauru tsaf, amma da aka canza lamba ɗaya ramuka suka bar wurinsu

Duk wanda ya zauna gaban manhajar zanen injiniya irin su SolidWorks ko FreeCAD ya san murnar da ake yi idan layuka suka daina motsi. A SolidWorks shuɗin layi ya koma baƙi, a ƙasan allo a rubuta `Fully Defined`. A FreeCAD zane ya koma kore, a gefe a ce `Fully constrained`. Ɗalibai da yawa nan suke ajiye linzami, a ganinsu aiki ya ƙare. To, wannan alama abu ɗaya kawai take faɗa: da lambobin da ke jikin zanen a yanzu, babu ɗigon da zai iya gusawa. Ba ta ce komai ba game da abin da zai faru gobe idan mai kaya ya dawo ya ce a canza 140 zuwa 160. Zane biyu za su iya fitowa iri ɗaya sak, duka baƙi, ɗaya ya karɓi canjin lafiya lau, ɗaya kuma ya jefa rami a bakin ƙarfe ba tare da ya nuna jan launin gargaɗi ko sau ɗaya ba.

Mu ɗauki aikin da masu ƙera injin niƙa a Panteka suka saba da shi, wato farantin ƙarfe da ake ɗaure moton lantarki a kansa. Faranti ne mai kusurwa huɗu da ramukan noti huɗu, ba wani abin azo-a-gani ba. Amma ramukan nan ba mai zane ne ke zaɓar inda za su zauna ba, ƙafafun moto ne ke zaɓa. Moto mai lambar jiki 90L a tsarin IEC, wato ma'aunin kayan lantarki na ƙasa da ƙasa, tazarar ramukan ƙafarsa milimita 140 ce ta gefe zuwa gefe, 125 ta gaba zuwa baya, faɗin kowane rami 10. Na gaba da shi, 100L, tazararsa 160 da 140, rami 12. Shi kuwa 112M, 190 da 140, rami 12. Idan muka bar milimita 20 daga tsakiyar rami zuwa bakin faranti, na 90L zai fito 180 da 165.

Kafin a je ga inda ake samun matsala, sai an san abin da manhajar take ƙirgawa. Kowane abu da ka zana yana zuwa da hanyoyin motsinsa. Ɗigo yana da biyu, hagu da dama, sama da ƙasa. Layi yana da huɗu, domin ɗigo biyu ne a ƙarshensa. Da'ira tana da uku, biyu na tsakiyarta, ɗaya na girmanta. Aikinka shi ne ka toshe waɗannan hanyoyi har su koma sifili, kuma abin toshewar iri biyu ne: awo mai lamba, da dangantaka marar lamba, irin su wannan layi a kwance yake, waɗannan da'irori girmansu ɗaya.

Farantin layi huɗu ne, hanyoyi 16 ke nan. Haɗa kusurwoyi huɗu da `Coincident` yana cin biyu-biyu, saura 8. Layi biyu `Horizontal`, biyu `Vertical`, saura 4. Idan da kayan zana murabba'i ka yi amfani, manhajar ta riga ta yi maka wannan, shi ya sa FreeCAD take nuna maka 4 da zarar ka saki linzami. Huɗun nan su ne faɗi, tsawo, da matsayin farantin gaba ɗaya ta kwance da ta tsaye. Biyun ƙarshe su ake yawan mantawa. Mutum ya sa 180 da 165, ya ga layuka har yanzu shuɗi ne, ya rasa dalili, alhali farantin ne ke yawo a fili kamar akuyar da ba a kai turke ba. Turken shi ne `Origin`, mahaɗar layukan tsakiya, kuma shi da layukan nan ne kaɗai ba sa motsi tun asali.

Inda za a ɗaura farantin a jikin `Origin` shi ne hukunci na farko da zai bi ka har ƙarshen aiki. Akwai masu ɗora kusurwar hagu ta ƙasa a kai, domin haka hannu ya saba. Ga kaya irin wannan da hagunsa da damansa ɗaya ne, tsakiyar faranti ya kamata ta hau kai. A FreeCAD ka zaɓi kusurwa biyu masu kallon juna ta karkace tare da ɗigon tsakiya ka ba su `Symmetric`, a SolidWorks kuma `Center Rectangle` ka fara daga `Origin`. Amfanin shi ne duk canjin da za a yi wa faɗi zai rabu biyu, rabi hagu rabi dama, tsakiyar moto ba ta kauce daga inda aka ajiye ta ba.

Yanzu ga ramuka, kuma nan ne maganar take. Da'ira huɗu, hanyoyi 12. Akwai hanya aƙalla uku ta mayar da su sifili, kuma dukansu suna ba da baƙin layi.

Ta farko ita ce ta mai riƙe da tef. Ya auna daga bakin hagu zuwa ramin farko 20, daga ramin farko zuwa na biyu 140, faɗin faranti gaba ɗaya 180. Haka mai walda zai yi da alli a kan ƙarfe, kuma ba laifi a kan ƙarfe, domin ƙarfe ba a canza masa lamba. Amma a ce oga ya leƙo ya ce, "Injiniya, wancan moton ba a same shi ba, babbansa muka samo, gyara mana." Ka danna 140 ka mayar 160. Ramin hagu yana nan a 20, na dama ya tafi 180, wato tsakiyarsa ta sauka daidai kan bakin faranti. Rabin rami a ciki, rabi a iska. Manhajar ba za ta yi ƙorafi ba, domin ba ka taɓa gaya mata cewa bakin dama ma yana buƙatar 20 ba. Abin da ka faɗa mata ta cika shi. Wannan ɓarnar ma da sauƙi, tunda ido yana gani.

Ta biyu ta fi haɗari. Kowane rami an ɗaure shi da bakin da ke kusa da shi, 20 ta kwance, 20 ta tsaye, faranti 180 da 165. Tazarar 140 da 125 ta fito daidai, amma ba wanda ya rubuta ta, ragowar lissafi ce kawai. Wata rana aka samu guntun ƙarfe mai faɗin 200 a shago, aka ce a yi amfani da shi kada a yi asarar yanka. Ka mayar da 180 zuwa 200, ramuka suka bi bakuna, tazara ta zama 160. Zanen ya yi kyau a allo, ramuka a jere, komai daidai wa daida. Ba za a gane ba sai an huda, an ɗauko moton 90L an ɗora, a ga kowane rami ya kauce da milimita 10. Daga nan sai a koma faɗaɗa rami da wuta, aiki ya muni, noti ya riƙa kwancewa da girgizar inji.

Abin da ya haɗa hanyoyin nan biyu shi ne an ba da lamba ga abin da ya fi sauƙin aunawa, ba ga abin da ke mulkin kayan ba. Tambayar da ya kamata mai zane ya yi kafin ya sa awo na farko ita ce: a cikin lambobin nan, wacce ce ta zo daga waje wadda ba ni da iko a kanta, wacce ce na zaɓa, wacce ce kuma sakamako? A farantinmu, 140 da 125 da 10 daga moto suka zo. Ashirin ɗin baki zaɓinmu ne. Shi kuwa 180 da 165, duk da su ne mutum ke fara furtawa idan aka tambaye shi girman faranti, sakamako ne kawai.

Hanya ta uku tana bin wannan tsari, kuma da dangantaka take farawa kafin lamba. Zaɓi da'irori huɗun ka ba su `Equal`. Wannan ɗauri uku ne, ya ci 3, saura 9. Sa faɗin rami 10 a kan guda ɗaya kacal, saura 8, wato tsakiyoyi huɗu. Sai `Symmetric`: ramukan sama biyu su kalli juna ta layin tsakiya na tsaye, ramukan dama biyu ta layin tsakiya na kwance, ramukan ƙasa biyu kuma ta na tsaye. Kowanne yana cin 2, saura 2. A wannan gaɓar ka tsaya ka kama rami ɗaya da linzami ka ja. Idan sauran ukun suka motsa tare da shi kamar a madubi, tsarin ya yi. Sannan ka sa 140 tsakanin ramukan sama, 125 tsakanin na dama. Ramuka sun ɗauru. Saura faɗi da tsawon faranti, waɗanda za a samo daga ramukan, ba akasin haka ba.

Ka lura da yawan lambobin da aka rubuta. Wanda ya ba kowane rami awonsa uku, ya ƙara faɗi da tsawo, yana da lamba 14 a zane, kuma ranar canji sai ya tuna da kowacce. Mai bin hanya ta uku yana da tazara biyu, faɗin rami ɗaya, da baki. Duk lambar da aka rubuta sau biyu a zane, ko ba daɗe ko ba jima za a gyara ɗaya a manta da ɗaya.

Hannu zai yi ƙaiƙayin ƙara `Symmetric` na huɗu a ramukan hagu, don a cika. Kada a ƙara. Ukun farko sun riga sun tilasta shi, na huɗu maimaici ne, kuma FreeCAD za ta yi maka gargaɗin `Redundant constraints` ta ba ka lambar ɗaurin da ya yi yawa. Maimaici ya bambanta da saɓani. Maimaici shi ne ka faɗi gaskiya ɗaya sau biyu, saɓani kuma ka faɗi abu biyu da ba za su taru ba, kamar tazara 160, baki 20 kowane gefe, faɗi kuma 180. Sai dai maimaicin lamba na yau shi ne saɓanin gobe: 140 da 20 da 20 da 180 suna zaune lafiya har ranar da aka taɓa ɗaya. Shi ya sa idan kana son ganin faɗin faranti a zane don mai yanka, ka sa shi a matsayin awo mai nuni kawai, wanda ke karanta abin da ya fito ba ya ba da umarni. SolidWorks na kiransa `Driven` ta nuna shi da ruwan toka, FreeCAD na kiransa `Reference` ta nuna shi da shuɗi.

To yaya za a ɗaure bakin faranti da ramuka? Abin da ya fara zuwa rai shi ne a sa awon 20 daga tsakiyar ramin dama zuwa layin bakin dama, wani 20 daga ramin sama zuwa layin sama. Tunda faranti na tsakiya, hagu da ƙasa za su bi. Hanyoyin motsi sun koma sifili, an canza zuwa 160 da 140 da 12, faranti ya fito 200 da 180, daidai yadda ake so. Mutum zai rantse zanen ya gama ƙwari.

Amma akwai wata ɓaraka a ɓoye, kuma ita ce ke sa zane ya juye ba gaira ba dalili. Awon nisa tsakanin ɗigo da layi yana cewa 20 ne, bai ce ta wane gefe ba. Tsakiyar ramin dama na 70 daga tsakiyar faranti, don haka baki zai iya zama a 90, zai iya zama a 50, duka biyun sun cika sharaɗi. Manhajar ta zaɓi 90 ne saboda nan kusa ka zana layin, domin sashen lissafinta yana farawa ne daga inda abubuwa suke ya nemi amsa a kusa. Da aka koma 160, rami ya je 80, amsoshin su ne 100 da 60, layin yana 90, na kusa shi ne 100, lafiya. Yanzu a yi tsalle daga 140 kai tsaye zuwa 190 na 112M. Rami ya je 95, ya tsallake tsohon bakin. Amsoshin su ne 115 da 75. Daga 90, zuwa 115 tafiyar 25 ce, zuwa 75 tafiyar 15. Amsar da ba a so ita ta fi kusa. Manhajoji sun bambanta wajen ƙoƙarin riƙe gefen da aka fara da shi, wata ta tsallake wannan tarko, wata ta faɗa, amma idan ta faɗa za ka ga faranti mai faɗin 150 da ramuka a wajensa, kuma har yanzu a rubuce cewa zane ya ɗauru.

Maganin gaggawa shi ne a koma baya da `Ctrl+Z`, a taka a hankali, 140 zuwa 165, sannan 190, yadda rami ba zai tsallake baki a taki ɗaya ba. Yana aiki, amma zanen da sai an lallaɓa shi ba wanda za ka miƙa wa wani ba ne. Maganin dindindin shi ne a cire awon 20 ɗin daga zane, a mayar da faɗi da tsawo su zama masu umarni, amma a maimakon lamba a rubuta musu lissafi. A FreeCAD ana buɗe `Spreadsheet`, a ba gidajen lambobin suna, sannan a cikin awon faɗi da na tsawo a rubuta:

```
Spreadsheet.tazara_kwance + 2 * Spreadsheet.baki
Spreadsheet.tazara_tsaye + 2 * Spreadsheet.baki
```

Awon tazarar ramukan su ma su karanta daga waɗannan gidaje. A SolidWorks abu ɗaya ne ta `Equations` da `Global Variables`. Yanzu babu zaɓi biyu. Tazara 190, baki 20, faɗi 230, kuma tunda faranti yana tsakiya, kowane baki na 115. An kuma samu ƙarin riba: ashirin ɗin wuri ɗaya take zaune. Idan ana so ma a ɗaure ta da girman rami, misali ninki ɗaya da rabi na faɗinsa kamar yadda maƙera da yawa ke ɗauka a matsayin mafi ƙaranci, nan za a rubuta. Ga rami 12 wannan ya ba da 18, don haka 20 ta wadatar, amma ranar da rami ya kai 15 lissafin zai nemi 22.5.

Akwai gajerun hanyoyi biyu da nake ganin sun fi ɓata ɗalibai. Ɗaya ita ce `Fix` a SolidWorks, ko `Block` da `Lock` a FreeCAD. Layi ya ƙi yin baƙi, an rasa abin da ya rage, sai a danne shi a inda yake. Launi ya canza, malami ya gani ya wuce, amma wannan layi ya fita daga cikin iyali, duk abin da ya motsa zai bar shi a baya ko kuma zane ya yi ja. Ɗayar ita ce `Fully Define Sketch` ta SolidWorks, wadda ke zuba awo da kanta. Tana toshe hanyoyin motsi kam, sai dai ba ta san moto ba, ba ta san wace lamba ce ta zo daga waje ba, yawanci daga wuri ɗaya take auno komai. Idan layi ya ƙi ɗauruwa, kama shi ka ja. Inda ya tafi shi ne abin da ya rage. A FreeCAD ma danna lambar hanyoyin motsin da ke cikin saƙon yana haska maka abubuwan da ba su ɗauru ba.

Wani abin lura shi ne dangantakar da manhaja ke sa maka ba ka tambaya ba. Kana jan da'ira, linzami ya gifta kusa da wani layi ko tsakiyarsa, ta manna `Coincident` ko `Midpoint` shiru. Alamarta ita ce ƙirgenka da nata su saɓa: kai kana jiran saura 8, ita ta ce 7. Kada ka yi murnar an rage maka aiki, je ka nemo wanda ya ci ɗayar ka goge. Wannan ne babban amfanin iya ƙirgen da muka yi a sama.

Kusurwoyin faranti kuwa, idan ana son a zagaye su don kada su yanki hannun mai niƙa, a bar su da kaifinsu a cikin zane, a yi `Fillet` daga baya a kan jikin kayan. Zagayewa a cikin zane tana kawo baka huɗu, kowanne da hanyoyin motsi 5 da ɗaurin `Tangent` biyu, kuma baka na cikin abubuwan da suka fi saurin juyewa. Haka zancen yake idan za a mayar da ramukan dogaye don jan bel: a ɗaure tsakiyarsu da tsarin madubin nan, tsawonsu ya zama lamba ɗaya, kuma lissafin faɗin faranti ya ƙaru da wannan tsawo.

Kafin a fitar da zanen a fayil ɗin `DXF` a kai wa mai injin yanka, ko a buga takarda a ba yaran shago, zanen yana buƙatar gwaji, kuma gwajin ba kallon launi ba ne. A ɗauki kowace lamba mai umarni ita kaɗai, a kai ta ƙarshen abin da za a taɓa nema, sama da ƙasa, a taki ɗaya. A farantinmu, tazarar kwance daga 140 zuwa 190 sannan a dawo, ta tsaye daga 125 zuwa 140, rami daga 10 zuwa 12, baki daga 20 zuwa 30. Bayan kowane canji a duba abu uku: ramuka huɗu suna cikin faranti, awo mai nuni na baki yana karanta abu ɗaya hagu da dama, kuma idan aka mayar da tsohuwar lamba zanen ya dawo 180 da 165 ba tare da wani layi ya sauya gefe ba. Wanda ya faɗi a gwaji na uku, akwai awon nisa marar gefe a wani wuri cikinsa, a nemo shi a maye gurbinsa da lissafi ko da `Symmetric`.